Tsire Da Garwashi: Yadda Ake Raba Wuta Gida Biyu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire bayan la'asar ya ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina lura. Wuta tana tsakiya, tsinkayen nama kuma an kafa su a cikin toka sun kewaye ta, babu ko ɗaya da ke bisa harshen wutar. Mai tsire yana zagayawa, ya zare wannan ya juya shi, ya matso da wancan kusa, ya ja wani baya. Idan mai saye ya zo ya ce a ɗumama masa na dubu, sai a ɗauko daga na baya, a shafa mai, a kara shi kusa da garwashi na ɗan lokaci, sannan a zare a yanka. Abin da mutumin yake sarrafawa a nan shi ne tazara tsakanin nama da wuta, kuma a kan wannan tazara gashin tsire ya dogara, ko a tukuba ake yi, ko a kan wayar da aka ɗora wa rabin duro, ko a ƙaramin kurfotin tsakar gida ranar Babbar Salla.

Matsalar da tazarar take warwarewa ta samo asali ne daga naman kansa. Jan naman sa ɗanye kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, kuma muddin akwai ruwa a fuskar nama, zafin wurin ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas ba. Launin nan na ja mai duhu da ƙamshin gashi ba sa fitowa sosai sai bayan fuskar ta bushe, zafinta ya haura digiri 140 ko kusa da haka. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayanin wannan haɗuwa ta sukari da sinadaran furotin a shekarar 1912, shi ya sa har yau ake kiranta da sunansa. To amma cikin naman ba ya bukatar ko rabin wannan zafi. Hukumar aikin gona ta Amurka ta sa digiri 63 a matsayin zafin da yankan naman sa zai kai a tsakiyarsa, a bar shi ya huta minti uku, kafin a ce ya nuna yadda ba zai cutar ba. Wato tsinke ɗaya yana son abu biyu masu karo da juna: zafi mai ƙarfi a waje, zafi mai sauƙi da isasshen lokaci a ciki. Wuta guda mai ƙarfi ɗaya ba za ta iya biyan bukatun nan biyu a lokaci guda ba. Idan ta yi zafi, waje zai ƙone ciki yana ɗanye. Idan ta yi sanyi, naman zai yi ta zubar da ruwansa har ya bushe ya yi tauri, launi bai fito ba.

Tsire ya fi sauran gasassun nama shiga wannan tsaka mai wuya, kuma dalilin shi ne ƙuli-ƙuli. Balangu nama ne kusan tsirara, da gishiri da ɗan mai, yana iya jure wuta mai ƙarfi. Tsire kuwa an lulluɓe shi da garin ƙuli, wanda gyaɗa ce da aka riga aka soya, aka niƙa, aka matse mai, aka sake toyawa. Ta riga ta sha wuta har sau biyu kafin ta hau tsinke, saboda haka abin da ya rage tsakaninta da ƙonewa kaɗan ne. Ga shi busasshen gari ne, ba shi da ruwan da zai kare shi kamar yadda ruwa yake kare nama. Da zarar ya haɗu da wuta mai ƙarfi sai ya yi baƙi, ya yi ɗaci, ɗacin kuma ba ya gyaruwa ko da an zuba albasa da tumatir cikin tire. Barkono ma haka yake, yana saurin ƙonewa. Wannan ne ya sa gogaggun masu tsire ba sa cika barkono a ƙulin da za a gasa da shi, sai su ajiye yajin mai zafi a gefe, a barbaɗa bayan an sauke. Mai yin tsire a gida kuma ya kula da irin ƙulin da yake saye, domin akwai wanda ake sa wa sukari don ci da baki, shi kuwa sukari yana ƙara gaggauta ƙunar.

Aikin raba wuta yana farawa ne tun daga wuƙa. Zafi yana ratsa nama a hankali, kuma lokacin da yake ɗauka ba ya tafiya daidai da kauri. Idan aka ninka kaurin yanka sau biyu, lokacin da zafi zai kai tsakiya yana ninkuwa kusan sau huɗu. Yankan da kaurinsa milimita 5 ne zai iya nuna cikin 'yan mintoci, amma mai santimita ɗaya da ke kusa da shi a kan tsinke guda zai ci gaba da zama ɗanye bayan ɗan'uwansa ya bushe. Shi ya sa mahauci yake feɗe tsokar cinya falle-falle, ya shimfiɗa ta da faɗi, maimakon ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Ana yanka ne ta yadda wuƙa za ta gitta zaren naman, ba ta bi tsawonsa ba, domin ya yi sauƙin tauna. Mai yi a gida da hannunsa bai saba ba zai ji daɗin yankan idan ya sa naman a firiza na kamar minti 30 ya ɗan ƙanƙame. Amma kada ya ɗora nama mai ƙanƙara a ciki kan wuta, don babu wani rabon wuta da zai cece shi.

Soke naman ma yana da nasa tasiri. Ana saƙa shi ne a tsinke, a shiga a fita, sannan a baje shi ya kwanta da faɗi kamar tafin hannu. Idan aka tattare shi ya cure, lungunan da suka naɗe ba za su ga wuta ba, kuma a nan ne ake samun ɗanyen wuri da damammen ƙuli mai kama da kunu. Kitse kuwa a raba shi, ɗan ƙarami a tsakanin jan nama, kada a tara shi a tsinke ɗaya.

A ɗauki misalin magidancin da ya sayo kilo ɗaya na cinyar sa, yana da murhun gashi mai tsawon kamar santimita 60 da waya a kai. Kilo ɗayan nan zai ba shi tsinke 20 masu nauyin giram 50 kowanne. Zai jiƙa tsinkayen itacen a ruwa na rabin awa. Zai daka ƙuli kamar giram 200 ya tankaɗe, ya haɗa da babban cokali ɗaya na garin citta, ƙaramin cokali ɗaya na barkono, ƙaramin cokali biyu na gishiri, dunƙulen magi biyu, da ɗan masoro da kanumfari idan yana so. Kashi ɗaya cikin uku na wannan haɗi zai ajiye shi gefe, a kwano mai tsabta da ɗanyen nama bai taɓa ba, ya ƙara masa barkono don barbaɗawa a ƙarshe. Sauran shi ne na shafawa: a tsane naman da tsumma mai tsabta, a shafa man gyaɗa kaɗan, a danna kowane tsinke cikin garin gaba da baya, a kakkaɓe abin da bai kama ba. Sai a bar shi a inuwa mai sanyi ko a firji na minti 30 zuwa awa ɗaya, lokacin da gishiri zai jawo ɗan danshi ya sa ƙulin ya manne.

A wannan tsakanin ne ake hura wuta. Gawayi kilo ɗaya da rabi ya isa wannan aiki. Gawayin itace mai nauyi irin na ƙirya ko marke ya fi daɗewa yana ci, yana kuma riƙe zafi daidai. Ƙirya ma ita ce maƙera suka daɗe suna nema saboda ƙarfin wutarta. Gawayi marar nauyi da ke farfashewa a hannu yana tashi da sauri ya mutu da sauri, sai mutum ya yi ta ƙari a tsakiyar gashi. Da kara ko 'yan ƙirare ake kunna shi. Leda da roba da mutane suka saba cusawa a ƙarƙashin gawayi suna fitar da hayaƙi mai guba, kananzir kuma warinsa yana kama ƙuli ya ƙi fita. Bayan minti 20 zuwa 25 baƙin gawayin zai rufu da farar toka, harshen wuta ya kwanta, hayaƙi ya ɗauke. Kafin wannan lokaci, duk naman da aka ɗora hayaƙi kawai zai sha.

Yanzu sai rabon. Da ƙarfen tona wuta ko guntun langa-langa, a tura kusan duk garwashin zuwa gefe ɗaya na murhun, a tara shi hawa biyu, ya cinye kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon murhun. A tsakiya a baza 'yan garwashi jefi-jefi, hawa ɗaya. Ƙarshen murhun na ɗaya gefen a bar shi babu komai sai toka. Wayar ta kasance sama da garwashi da kamar santimita 10 zuwa 12. Ba a bukatar na'urar auna zafi don sanin ko rabon ya yi, tafin hannu ya isa. A riƙe shi sama da wayar da ɗan nisa, a ƙirga. A gefen zafi mutum zai janye hannu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. A tsakiya zai kai biyar zuwa bakwai. A gefen sanyi zai iya kai goma. Idan ko'ina hannu ba ya wuce daƙiƙa uku, gawayin ya yi yawa, a kwashe wani ko a yayyafa toka a kan na tsakiyar. Toka ita ce birkin mai gashi: tana rufe garwashi ta rage masa iska, zafinsa ya sauka ba tare da ya mutu ba.

Wane gefe ake fara ɗora naman? A nan masu gashi sun rabu. Da yawa sun saba fara dannawa a wuta mai ƙarfi, bisa imanin cewa hakan yana toshe ƙofofin nama ya riƙe ruwansa. Wannan magana an daɗe da gwada ta an ga ba haka ba ne. Ɓawon da wuta ta yi ba ya hana ruwa fita, ƙarar cuwa-cuwar da ake ji ma ruwan ne yake fita yana ƙonewa. Fara wa da zafi yana da amfani ga nama tsirara, amma ga tsire mai kaurin ƙuli hanyar tukuba ta fi hankali: a fara daga nesa, a ƙare a kusa. Idan aka fara da zafi, ƙulin ya riga ya kai iyakarsa tun a minti biyun farko, duk sauran lokacin da naman zai yi yana nuna ƙara masa duhu kawai yake yi. Idan kuwa aka fara a hankali, danshin fuskar yana bushewa, ƙulin yana shan mai yana kamewa, cikin naman yana nuna, sai a zo ƙarshe launi ya fito cikin ƙanƙanen lokaci, a lokacin da mai gashi ya zaɓa da kansa.

Ga yadda abin yake tafiya da tsinke 20 ɗin nan. Ba za su hau gaba ɗaya ba, a raba su kashi biyu ko uku, domin gefen sanyi dole ya kasance da fili koyaushe. A jera bakwai a tsakiyar murhun, da ratar yatsa ɗaya tsakaninsu, gindin tsinken yana waje don kada ya ƙone. Minti uku na farko a ƙyale su. Wanda ya yi gaggawar juyawa zai bar rabin ƙulinsa manne a waya. Idan ɗigon ruwa ya fara tsattsafowa a saman naman, gefunansa suka sauya daga ja zuwa ruwan toka, lokacin juyawa ya yi. Ɗaya fuskar ma minti uku. Sannan a tsoma buroshi ko ɗan tsumma mai tsabta a man gyaɗa a ɗiɗɗiga, ba a goga ba, don goga tana share ƙulin. A ƙara juyawa sau ɗaya ko biyu, ana musanya wuraren tsinkayen, na kusa da tudun garwashi ya koma baya, na baya ya matso. Zuwa minti takwas ko tara, yanka mai milimita 5 ya kusa nuna. Daga nan sai a kai su gefen zafi, bibbiyu ko uku-uku, daƙiƙa 30 zuwa 45 kowace fuska, ido a kansu. Man zai yi ta tafasa a jikin ƙulin, launin ya koma ja mai duhu, bakin kitsen ya ɗan soyu. A ɗauke su zuwa gefen sanyi su huta minti uku yayin da kashi na biyu yake hawa tsakiya. Gaba ɗaya kowane kashi bai wuce minti 12 zuwa 14 ba.

Waɗannan mintoci ba doka ba ce, domin iska tana sauya lissafi. A lokacin hunturu, iska mai kaɗawa tana hura garwashi ya yi ja fiye da yadda ake so, tana kuma busar da naman da wuri, saboda haka a juya murhun yadda gefen sanyi zai kasance ta inda iskar take fitowa, ta kwashe zafin ta yi gaba da shi maimakon ta turo shi kan naman da ke hutawa. Da damina kuwa gawayi yana shan danshi, ya yi ta tartsatsi da hayaƙi, ya ɗauki lokaci kafin ya kama. Kuma bayan kamar minti 40 tudun garwashin zai fara rauni. Sabon gawayi a zuba shi a can ƙarshen gefen zafi, nesa da nama, sai ya kama ya yi toka a jawo shi ciki.

Babban abin da ke ɓata tsire a kan waya shi ne tashin harshen wuta. Kitse ko mai ya ɗiga kan garwashi, wuta ta yi bal, ta lashe naman, ta bar masa baƙin tabo mai warin hayaƙin mai. Abin da hannu yake fara kaiwa gare shi shi ne kofin ruwa, kuma kuskure ne: ruwa yana tayar da toka ta bulbule naman, ya kashe wani sashe na garwashin, kitsen kuma yana nan zai sake kamawa. Maganin shi ne a ɗauke tsinkayen zuwa gefen sanyi, a bar man ya cinye kansa, abin da ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya baza garwashi ko'ina a murhunsa ba shi da wurin gudu, shi ne za a gani yana tsaye da tsinkaye cike da hannu biyu yana hura wuta da baki. A wannan fanni tukuba ta fi waya nesa ba kusa ba, tunda naman yana tsaye ne a gefen wuta, kitsensa yana gangarowa ya ɗiga a toka, hayaƙi kuma ya miƙe sama bai bi ta kansa ba.

Batun ya wuce ɗanɗano. Hayaƙin kitsen da ya ƙone a kan garwashi yana ɗauke da wasu sinadarai da ke manne wa nama, cikinsu har da wanda ake kira benzofayirin, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji ga ɗan'adam. Wannan ba yana nufin tsinke biyu na daren Juma'a za su kwantar da mutum ba, amma mai cin tsire kullum yana da dalilin guje wa wanda ya yi baƙi ƙirin, ya kuma yanke wurin da ya ƙone ya yar. A ɗaya ɓangaren kuma ɗanyen ciki yana da nasa haɗari, domin ta naman sa da bai nuna ba ne tsila take shiga cikin mutum, ban da ƙwayoyin cutar gudawa da nama yake kwasa a mayanka da teburin kasuwa. Tsinke ma yana tura abin da ke fuskar nama zuwa cikinsa, don haka tsire ba abin da za a ci da jini-jini ba ne.

Gane nunar ba ta da wuya ga wanda ya san inda zai duba. Launin waje ba shaida ba ne, tunda ƙuli yana yin ja tun nama bai yi nisa ba. A zaɓi tsinken da ya fi kauri, a tsaga shi daidai inda itacen ya ratsa, domin nan ne wuri na ƙarshe da zafi yake isa. Idan wurin yana sheƙi, ja ne mai santsi, a mayar da shi tsakiyar murhun, ba gefen zafi ba. Idan ya zama ruwan ƙasa-ƙasa, ruwan da ke fita kuma garau yake, ya yi. Naman da ya nuna daidai yana lanƙwasuwa idan an matsa shi da yatsa, yana kuma zamewa daga tsinke ba gardama. Wanda ya wuce kima yana ƙanƙancewa, gefunansa su nannaɗe, ya kama tsinken gam.

Sauran alamun ma suna faɗin inda aka kauce. Ƙuli baƙi da ɗanyen ciki yana nufin an yi kusa da wuta ko yankan ya yi kauri. Tsire fari-fari mai tauri yana nufin ya daɗe a gefen sanyi bai ga zafi a ƙarshe ba, ko an cunkushe tsinkayen har tururinsu ya dafa juna. Ƙulin da ya zube ya bar nama tsirara kuwa, ko dai naman ya jiƙe da yawa lokacin shafawa, ko an juya shi tun bai kame ba.

Gefen sanyi wurin hutawa ne na ɗan lokaci, ba ma'aji ba. Dafaffen abinci yana zama lafiya ne idan zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 60 ba, kuma tsiren da aka gasa da la'asar aka bar shi yana shan iska da ƙura har ƙarfe goma na dare ya daɗe da sauka ƙasa da haka. Wannan ne ya sa ɗumamen da mai tsire yake yi kafin ya yanka yake da muhimmanci, kuma mai saye yana da haƙƙin ya ce a bar shi ya yi zafi har ciki, ba a nuna masa wuta kawai a sauke ba. A gida kuma, tiren da ya ɗauki ɗanyen nama ba shi ne zai karɓi gasasshe ba sai an wanke shi, haka wuƙa da katakon yanka.

Murhun kansa a waje ake ajiye shi, inda iska take wucewa. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen ɗaki. Idan ruwan sama ya sauko ana tsakiyar gashi, a koma ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, kada a shiga da shi zaure ko kicin a rufe ƙofa. Bayan an gama, ragowar garwashin a rufe shi da yashi har ya mutu sarai. Gawayin da aka kashe ta haka yana nan a bushe, gobe ma zai kama.